Garkuwar aro: Abin da ya sa kwikwiyon da aka yi wa rigakafi yake mutuwa

Akwai wani ƙorafi da ba ya ƙarewa a bakin masu kiwon karnuka a Bacirawa da sauran garuruwan arewacin Kano, musamman 'yan farauta da masu ajiye kare don gadin gona ko garke. Mutum zai ce ya ɗauki ɗan kwikwiyonsa yana da sati shida, ya biya kuɗi an yi masa allurar rigakafi, amma bayan sati biyu ko uku sai amai da gudawar jini suka kama shi, kafin kwana uku ya mutu. Daga nan sai a yanke hukunci: ko dai allurar jabu ce, ko kuma ita ce ta kashe shi. Wani lokaci maganar jabun gaskiya ce. Amma sau da yawa allurar lafiyarta ƙalau, wanda ya yi ta bai yi kuskure ba, kuma duk da haka ba ta yi aikin komai ba. Abin da ya hana ta aiki yana cikin jinin ɗan kwikwiyon tun ranar da aka haife shi, kuma uwarsa ce ta ba shi.

Na san wani mai karatu zai ce me ya kawo zancen kare shafin ra'ayi. Amsata ita ce, a garuruwanmu gida yana jikin gida, gona tana jikin gona, karen maƙwabci kuwa yaran unguwa duka ne ke wasa da shi. Mutumin da ya fitar da rai daga allurar gudawar jini, shi ne gobe zai ƙi kawo karensa a yi masa allurar ciwon haukan kare, ciwon da ke kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mu mutanen Kano mun ga abin da rashin yarda da allura ya jawo a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna. Don haka bai kamata a bar ƙorafin mafarauci ba amsa.

Ɗan Adam yana fitowa duniya da garkuwar uwarsa a jininsa, domin sinadaran garkuwa suna ratsa mabiyiya su shiga jikinsa tun yana ciki. Kare da kyanwa ba haka suke ba. Mabiyiyarsu ba ta barin komai ya wuce sai ɗan kaɗan, abin da bai wuce kashi biyar zuwa goma cikin ɗari ba. Sauran duka a dakashi yake, wato nonon farko mai kauri da uwa ke fitarwa bayan haihuwa. A sa'o'in farko hanjin jaririn a buɗe yake, yana barin waɗannan sinadarai su wuce cikin jini ba tare da an narkar da su ba. Kafin a cika sa'a 24 hanjin ya rufe, duk abin da aka sha bayan nan abinci ne kawai. Makiyaya sun daɗe da sanin wannan a kan maraƙi, shi ya sa ba sa wasa da shan dakashi.

Wannan garkuwa aro ce. Jikin jaririn ba shi ya ƙera ta ba, ba zai kuma iya ƙara ta ba, sai dai ta dinga raguwa. Raguwar tata tana da ƙa'ida: kusan kowane kwana goma rabin abin da ya rage yana tafiya. A kan ƙwayar farbo, mai haddasa gudawar jini, wasu masana biyu na Jami'ar Cornell a Amurka, Pollock da Carmichael, sun auna wannan a 1982, shekara huɗu bayan ɓullar cutar a duniya a 1978. Sun samu cewa rabin garkuwar na zubewa cikin kwana tara da ɗoriya. A kan distemfa, ciwon da ke kawo kwantsa da majina da tari, daga baya ya taɓa ƙwaƙwalwa har kare ya dinga karkarwa, abin ya ɗan fi sauri, wajen kwana takwas.

To, ina allura ta shigo? Yawancin alluran da ake yi wa 'yan kwikwiyo ƙwayar cutar ce da ranta, amma an raunana ta. Aikinta shi ne ta shiga jiki ta hayayyafa kaɗan, yadda jikin zai gan ta, ya san kamanninta, ya ƙera garkuwarsa ta kansa wadda za ta zauna shekaru. Idan garkuwar uwa tana nan da ƙarfinta, ba ta bambanta baƙon da aka gayyato da ɓarawo. Tana kama ƙwayar allurar ta lulluɓe ta kafin ta hayayyafa, jikin jaririn bai ga komai ba, bai koyi komai ba. An biya kuɗi, an tsira allura, an rubuta a kati, amma ɗan kwikwiyon yana nan yadda yake jiya.

Da a ce garkuwar uwa tana daina hana allura aiki a daidai ranar da take daina kare jariri daga cuta, da babu matsala. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne asarar take. Cutar da ke yawo a ƙasa ƙarfinta cikakke ne, tana shiga ta baki da yawan gaske, saboda haka sai garkuwa mai yawa ce ke iya tare ta. Ƙwayar allura kuwa raunanniya ce, 'yar garkuwa kaɗan ta isa ta kashe ta. A ma'aunin da waɗancan masana suka yi amfani da shi, ana tsarma ruwan jini ne a ga sau nawa za a tsarma shi kafin ya daina aiki. Sun ga cewa jariri na buƙatar 80 ko fiye don ya tsira daga farbo, amma ko 10 ta isa ta hana allurar wancan zamani kamawa. Tsakanin 80 da 10 ɗan kwikwiyo yana tsaye a fili: garkuwar aro ba ta kare shi, kuma ba ta barin a kare shi.

Bari mu yi lissafin da misali, domin sai an ga alƙaluman abin yake zama a kai. A ɗauka wata karya ce a Bacirawa mai ma'aunin garkuwa 1,280. Ɗan da ya sha dakashi sosai yakan samu kusan rabin na uwarsa, wato 640. Bayan kwana 10 ya koma 320, kwana 20 ya koma 160, kwana 30 ya koma 80. Daga nan kariya ta ƙare. A kwana 40 yana da 40, a kwana 50 yana da 20, a kwana 60 yana da 10. Sai bayan wannan ne allura za ta samu hanya. Idan aka yi masa allura yana da sati shida, wato kwana 42, garkuwar aron tana wajen 35: ta kashe allurar, ba ta kuma isa ta tare cutar ba. Wannan shi ne kwikwiyon da mai shi ya zo yana rantsuwa cewa an cuce shi.

Yanzu a dubi ɗan'uwansa da aka haifa a ƙarshe, ƙarami, wanda manyan suka ture daga nono, ya samu 80 kawai. Shi tun a satinsa na farko yake cikin haɗari, amma a kwana 30 ya sauka zuwa 10, a sati shida kuwa kusan babu komai a jininsa. Allurar da ta tashi a banza a jikin ƙaton ɗan'uwansa, a jikinsa ta kama tsaf. Uwa ɗaya, rana ɗaya, kwalba iri ɗaya, sakamako biyu. Abin da ke ɗaure wa masu karnuka kai ke nan, su ga mafi ƙiba da kuzari a cikin 'ya'yan shi ya tafi, ɗan tsurut ɗin ya rayu.

Misali na uku shi ne ya fi dacewa da yankinmu. Karyar da ta taɓa kamuwa da farbo ta warke, ko take yawo kullum a inda cutar take, garkuwarta tana iya kaiwa 10,240. Ɗanta ya fara da 5,120. Sai ya kwana 60 kafin ya sauka zuwa 80, sai kuma kwana 90 kafin ya kai 10. A sati 12, wato kwana 84, yana wajen 15. Ma'ana, ko an yi masa allura a sati shida, an sake a sati tara, an sake a sati 12, duka ukun suna iya tashi a banza, kuma mai shi ya sake shi cikin karnuka da kati cike da sa hannu a daidai lokacin da ya fi kowane lokaci rauni. A sati 16, kwana 112, abin da ya rage bai kai 3 ba. A nan allura ɗaya tak za ta kama.

Wajibi ne in ƙara da cewa alluran yau sun fi na 1982 ƙarfi. Ana zuba ƙwayar da yawa a kowace kwalba, kuma ba a raunana ta sosai kamar da, saboda haka tana iya keta garkuwar uwa tun ba ta sauka zuwa 10 ba. Wannan ya rage faɗin tazarar haɗari, amma bai shafe ta ba. Kuma abin lura a misalan nan uku shi ne, tazarar tana nan ga kowane jariri, wurin faɗuwarta ne kawai ke canzawa: wani a sati na farko, wani a na biyar, wani a na tara. Ba wanda zai kalli ɗan kwikwiyo da ido ya ce ga inda tasa take.

Wannan rashin gani da ido shi ne asalin maimaita allurar. Mutane da yawa, har da wasu masu sayar da magungunan dabbobi, suna zaton allura ta biyu tana ƙara wa ta farko ƙarfi ne, ta uku ta ƙara wa ta biyu, kamar ana ɗora bulo a kan bulo. Ga allura mai rai ba haka ba ne. Guda ɗaya da ta kama ta wadatar. Abin ya fi kama da shukar farkon damina: manomi ya shuka gero da ruwan farko, in ya yi tsiro ya ci riba, in ƙasa ta bushe ya ƙone sai ya sake shukawa, har sai ruwa ya zauna. Allurar sati shida ko takwas shukar farko ce, don amfanin waɗanda garkuwar aronsu ta ƙare da wuri. Ta sati 16 ita ce shukar da ake yi bayan ruwa ya zauna. Wanda ya yi na farko biyu ya bar ta ƙarshe, ya bar wadda ta fi muhimmanci.

Ƙungiyar Likitocin Ƙananan Dabbobi ta Duniya ta fara fitar da ƙa'idojinta na rigakafi a 2007, ta sabunta su sau da dama, na baya-bayan nan a 2024. Abin da ta tsaya a kai shi ne a fara tsakanin sati shida da takwas, a maimaita duk bayan sati biyu zuwa huɗu, kuma kada allurar ƙarshe ta zo kafin sati 16. Bayan haka a ƙara guda ɗaya a wata shida, wato sati 26, domin kamo 'yan tsirarun da ko a sati 16 garkuwar uwa ta hana su. A da ana jira sai shekara ta zagayo kafin wannan ƙarin, sai aka ga babu dalilin barin irin waɗannan watanni shida a buɗe. Daga nan, ga farbo da distemfa da ciwon hantar karnuka, ba a buƙatar maimaitawa sai bayan shekara uku ko fiye. Kada kuma a matse tazarar ta gaza sati biyu, domin jikin da ke fama da allurar farko ba ya karɓar ta biyu yadda ya kamata.

Idan karya ta haihu ranar 1 ga Oktoba, lokacin da ake shirin girbi, to allurar farko ta sati takwas za ta faɗo 26 ga Nuwamba, ta sati 12 ranar 24 ga Disamba, ta sati 16 ranar 21 ga Janairu, ta wata shida kuma a farkon Afrilu. Mai karatu zai lura cewa watannin nan su ne na rani, lokacin da farauta ke kankama, karnukan garuruwa daban-daban suke haɗuwa a daji su dawo gida da abin da suka taka. Ga wanda bai riƙe ranar haihuwa ba, ko ya sayi kwikwiyon a hannun wani, haƙora suna taimakawa: idan ƙananan haƙoran gaba na nono suka fara zubewa manya na fitowa, ya kai wajen wata huɗu. Fiƙoƙin manya ba sa fitowa sai wajen wata biyar zuwa shida.

Katin da na fi gani a hannun mutane yana ƙarewa ne a sati 12: shida, tara, goma sha biyu, sai a ce an gama. A ganina wannan tsari bai dace da mu ba, kuma dalilin yana cikin misali na uku. A ƙasar da ake tsare karnuka a ɗaki, uwa ba ta haɗuwa da cutar, garkuwarta matsakaiciya ce. A wurinmu kusan kowace karyar da ta kai shekarun haihuwa ta riga ta gamu da farbo a bola ko a bakin kasuwa, ta tsira, garkuwarta ta yi sama. 'Ya'yan irin wannan uwa su ne garkuwar aro ta fi daɗewa a jikinsu. Mu ne muka fi kowa buƙatar allurar sati 16, mu ne kuma muka fi kowa barin ta. Ina roƙon abokan aikinmu a asibitocin dabbobi, da malaman dabbobi na ƙananan hukumomi, su matsar da layin ƙarshe na katin.

Sai maganar kuɗi, wadda ba za a kauce mata ba. Manomin da ke lissafin taki ba lallai ne ya iya biyan allura uku ko huɗu ga kowane kwikwiyo ba. Idan guda ɗaya kawai mutum zai iya, shawarar ƙungiyar da na ambata ita ce a yi ta a sati 16 ko bayan haka, ba a sati shida ba. Idan biyu ne, ni zan ce a yi ɗaya wajen sati takwas zuwa goma, ɗaya a sati 16. Sai dai wannan rangwame yana da sharaɗi mai nauyi, wato tsare kwikwiyon har zuwa sati ɗaya ko biyu bayan allurar ƙarshe. Akwai kuma abin da ba ya cikin rangwamen. Allurar da aka fi sayarwa a Najeriya, mai haruffan DHLPP a jikin kwalba, tana ɗauke da wani kashi na ciwon da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, kuma shi wannan kashin matacce ne, sai an yi shi sau biyu a tazarar sati biyu zuwa huɗu, a kuma sabunta duk shekara. Allura ɗaya ba ta ba da kariya daga wannan.

Tsarewar ba ƙaramin aiki ba ce, domin farbo ƙwaya ce mai taurin rai. Tana fita a kashin kare mara lafiya da yawan da ba ya ƙirguwa, tana zama a ƙasa mai inuwa da danshi watanni, har ta haura shekara. Takalmi yana kawo ta, tayar babur tana kawo ta, ƙafar babban karen da ya dawo daga yawo tana kawo ta ko da shi lafiyarsa lau. Sabulu da yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne bilic, ma'auni ɗaya a cikin ma'auni 30 na ruwa, a bar shi minti goma a kan wurin bayan an kwashe ƙazantar. A kan siminti da kwanon abinci wannan yana aiki. A kan turɓaya ba ya aiki, shi ya sa gidan da kwikwiyo ya mutu da gudawar jini bai kamata a kawo wani sabo ba sai wanda ya riga ya kammala allurarsa.

Ta yaya za a gane abin da ya faru idan kwikwiyon da aka yi wa allura ya kwanta? Lokaci shi ne shaida ta farko. Farbo tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai a jiki kafin ta bayyana, allura kuma tana buƙatar kusan sati kafin ta ba da kariya. Wanda ya fara amai kwana biyu ko uku bayan allura, da cutarsa ya je, ko kuma a wurin ya ɗauko ta a ƙasan da wani mara lafiya ya kwanta. Shi ya sa ake so a riƙe jariri a hannu ko a kwali idan an kai shi asibiti. Idan kuwa 'ya'yan uwa ɗaya ne suka kwanta makonni bayan allura, alhali na wasu gidajen da aka yi wa daga wuri ɗaya suna lafiya, zargi ya fi karkata ga garkuwar uwa. Idan aka ga karnukan gidaje daban-daban, har da waɗanda aka yi wa bayan wata huɗu, duk suna faɗuwa, to a binciki kwalbar. Allura mai rai tana son sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8, ba zafi ba daskarewa. Tana zuwa ne gari a kwalba ɗaya, ruwa a ɗaya, kuma da zarar an haɗa su dole a yi amfani da ita cikin sa'a guda. Wadda ta wuni a aljihun ɗan acaɓa a watan Afrilu, ko ta kwana a firjin da aka ɗauke wa wuta tun jiya, ruwa ce kawai. A inda ake da ɗakin gwaji, kamar asibitocin koyarwa na dabbobi, ana iya ɗibar jini sati huɗu bayan allurar ƙarshe a ga ko jikin ya ƙera garkuwarsa.

Kyanwa ta fi kare samun shiga a gidajenmu, tana kwana a ɗaki, tana tsare rumbu daga ɓera, amma da wuya ka ji wanda ya kai ta rigakafi. Ita ma tana da tata farbon, wadda masana ke kira fanlukofeniya. Ita ce ma babbar, domin an san ta tun kafin ta karnuka, kuma ta karnukan 'yar'uwarta ce ta kusa ƙwarai. Nau'o'in farbon karnuka da ke yawo a yau suna iya kama kyanwa. Idan aka ga 'ya'yan mage sun daina cin abinci, suna amai, suna zama a gaban ruwa ba sa sha, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin kwanaki, galibi ita ce. Allurar kyanwa tana haɗa wannan da ƙwayoyin murar kyanwa guda biyu, kuma tsarinta ɗaya ne da na kare: a fara a sati shida zuwa takwas, a ƙare a sati 16 ko bayansa, a ƙara a wata shida. Ƙarin wata shidan ya ma fi zama dole a nan, domin bincike ya nuna cewa har kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan kyanwa suna iya kasa karɓar allurar sati 16 saboda daɗewar garkuwar uwa.

Akwai gargaɗi biyu game da kyanwa. Ba a yi wa mage mai ciki, ko jaririn da bai kai sati huɗu ba, allurar fanlukofeniya mai rai. Ƙwayar tana son sassan jiki masu saurin girma, kuma a wannan lokaci sashen ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya yana kan ginuwa. Jaririn da ta taɓa zai tashi yana tangaɗi har ƙarshen ransa. Na biyu, wanda ba na rigakafi ba ne amma ba zan iya wuce shi ba: kada a ba kyanwa farasitamol don zazzaɓi. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Hausa, suna ne kawai ya bambanta. Uwar da ta kai ɗanta asibiti ta san ba a yin allurar ƙyanda sai ya kai wata tara, ana kuma ƙara ta biyu a wata 15. Dalilin shi ne wannan garkuwar aron. Ƙyanda da distemfa da bushiyar shanu 'yan gida ɗaya ne, har akwai lokacin da ake yi wa 'yan kwikwiyo allurar ƙyanda, domin garkuwar uwa ta distemfa ba ta kama ta sosai, jikin kuma yana samun kariya ta wucin gadi. Bushiya ma ta koya mana darasin da tsada. Gagarumin kamfen ɗin rigakafinta da aka fara a yankin Tafkin Chadi a 1962 ya kusa kawar da ita, amma 'yan maruƙan da ke ɗauke da garkuwar uwa suna buƙatar a dawo musu daga baya. Da aka yi sakaci da bibiyar sababbin haihuwa, sai cutar ta dawo ta yi wa shanun Najeriya ɓarna a 1983. Sai a 2011 aka tabbatar da ƙarewarta a duniya.

Ciwon haukan kare yana da nasa hukunci, kuma a nan nake so a kula sosai don kada bayanin da na yi ya zama hujjar jinkiri. A ƙa'ida ana yin allurarsa a sati 12, ga kare da kyanwa duka, a sake bayan shekara, kuma a ƙasarmu ana sabunta ta duk shekara. An zaɓi sati 12 ne saboda garkuwar uwa. Amma yawancin karnukan karkararmu ba a taɓa yi musu wannan allura ba, saboda haka uwa ba ta da abin da za ta ba ɗanta, babu kuma abin da zai hana allurar kamawa. Binciken da aka yi a Tanzaniya da Afirka ta Kudu ya nuna cewa 'yan kwikwiyo 'yan ƙasa da wata uku suna karɓar allurar zamani, wadda aka kashe ƙwayarta, yadda ya kamata. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a lokacin kamfen a yi wa kowane kare, har jarirai. Ana buƙatar a yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan gari kafin cutar ta daina yawo, kuma a gari irin Bacirawa babban kaso na karnukan ƙanana ne, su ne kuma yara ke ɗauka suna runguma. In aka tsallake su, lissafin ba zai cika ba.

Sharaɗin shi ne a san irin allurar. Tsohuwar allura mai rai ta nau'in Fuluri, wadda Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ta daɗe tana samarwa, iri biyu ce, ta kare daban, ta kyanwa daban. Ta karen ba a yi wa kyanwa ita, ba a kuma yi wa kwikwiyon da bai kai wata uku ba. Saboda haka idan masu kamfen suka zo gari, kamar yadda ake yi a wajajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, mai ɗan kwikwiyo ya kawo shi, ya faɗi watanninsa, ya tambaya ko allurar matacciya ce. In matacciya ce a yi masa ko yana da sati shida, a rubuta ranar, sannan a sake masa wata bayan ya cika wata uku. In mai rai ce a jira ya cika wata ukun, a kuma hana yara wasa da shi a waje kafin nan. Duk yaron da kare ko kyanwa ya ciza ko ya yakusa, ko da jariri ne mai kati, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai shi asibiti a ranar.